Kafaffen sharhi da kira a bayanin bidiyo: yadda ake jawo masu kallo su yi magana ba tare da an takura musu ba

A ƙarƙashin kowane bidiyon YouTube akwai wurare biyu da mai tasha zai iya yi wa masu kallo magana a rubuce. Na farko shi ne bayanin bidiyo, wato filin da ake cikewa lokacin ɗorawa. Na biyu shi ne sharhin da ya kafe a saman sauran sharhohi, wanda duk mai buɗe sashen sharhi zai fara cin karo da shi. A wuraren nan biyu ake sanya kira, wato abin da ake so mai kallo ya yi bayan ya gama kallo: ya amsa tambaya, ya kalli wani bidiyon, ya bi tashar, ko ya tuntuɓi mai ita. Kiran da ya dace yakan sa mutane su yi magana su kuma dawo. Wanda bai dace ba yakan sa su riƙa wucewa ba karatu, wani lokaci ma ya jawo wa tasha hukunci. Bambancin yana cikin abubuwa uku: yawan abin da aka roƙa, dangantakarsa da bidiyon, da gaskiyar abin da aka yi alkawari.

Aikin kowane wuri

Bayanin bidiyo yana ɗaukar haruffa har 5,000, amma layuka biyu ko uku na farko kaɗai ake gani kafin a latsa `more`, a waya kuwa sau da yawa ko waɗannan ba sa bayyana sai an buɗe. Don haka wanda ya kai ga karanta bayanin, yawanci da niyya ya zo: yana neman jerin kayan haɗi, ko farashi, ko sunan wani abu da aka ambata. Injin binciken YouTube ma yana karanta wannan fili domin ya gane abin da bidiyon ya ƙunsa. Bayani wurin ajiye abubuwan da ba sa canzawa ne.

Kafaffen sharhi yanayinsa dabam. YouTube ya fito da shi a watan Nuwamba na 2016, tare da alamar zuciya da mai tasha ke sa wa sharhin da ya burge shi. Sharhi ɗaya tak ake iya kafewa a kowane bidiyo, kuma kafe sabo yana sauke tsohon. Ana iya kafe na mai tasha, ana iya kafe na mai kallo, kuma a samansa za a ga rubutun `Pinned by` da sunan tashar. Mai shiga sashen sharhi ya riga ya zo da shirin jin abin da mutane ke cewa, kuma akwatin rubutu yana gabansa. Wannan ya sa wurin ya fi dacewa da tambaya, da gyaran kuskure, da sanarwar da za ta iya canzawa gobe.

Matakan kafewa gajeru ne. Mai tasha ya shiga da asusunsa, ya rubuta sharhin ko ya nemo wanda yake so, ya latsa ɗigo ukun da ke gefensa, ya zaɓi `Pin`. Idan zaɓin bai bayyana ba, yawanci tashar ba ta samu matakin da ake kira `Advanced features` ba tukuna. Ana samunsa bayan tabbatar da lambar waya, sannan ta hanyar tarihin tasha mai tsafta, ko katin shaida, ko ɗan gajeren bidiyon tantance fuska. Matakin nan ne kuma ke sa adireshin wani shafi na waje ya zama abin latsawa a cikin bayani.

Kira ɗaya ga bidiyo ɗaya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tara buƙatu. Mai tasha ya rubuta cewa a danna `Like`, a danna `Subscribe`, a danna ƙararrawa, a tura wa 'yan uwa, a bi shi a Facebook da TikTok da Instagram, a shiga zaurensa na WhatsApp, duk a numfashi ɗaya. Mai karatu da aka miƙa wa buƙatu takwas ba ya zaɓar ɗaya. Wucewa yake yi. Idan kuma ya ga jerin nan a bidiyo na biyu da na uku, idonsa zai koyi tsallake wurin gaba ɗaya, har ranar da aka sa sanarwa mai muhimmanci ba zai gani ba.

Hanyar da ta fi ita ce a yanke shawara tun kafin ɗorawa a kan abu guda da ake so daga wannan bidiyon. Bidiyon da ya koyar da wani abu mai wuyar sha'ani ya dace da tambaya, domin masu kallo suna da matsalolin da za su kawo. Bidiyon da yake kashi na farko na jerin darussa ya dace da kira zuwa kashi na biyu. Bidiyon da ya nuna kayan sayarwa ya dace da hanyar tuntuɓa. Sauran buƙatun ba a jefar da su ba, amma wurinsu can ƙasan bayani ne, inda mai nema zai same su.

Ita ma tambayar akwai mai ja akwai mai kashe magana. "Mene ne ra'ayinku?" ba ta ba mai kallo abin kamawa, sai ya ce "Masha Allah" ya tafi. Tambayar da ke kawo amsa takan kasance ƙunƙuntacciya, ta shafi abin da mutum ya sani daga rayuwarsa, kuma ana iya amsa ta da jimla ɗaya ko biyu a allon waya. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne mai tasha ya tambayi kansa ko zai yi amfani da amsar. Idan amsoshin za su taimaka masa wajen shirya bidiyo na gaba ko gyara wannan, tambayar ta gaskiya ce. Idan lambar sharhi kawai yake so ta hau, masu kallo sukan gane.

Misali daga tashar girki

A ɗauka wata mai tashar girki ta ɗora bidiyo na minti 9 a kan yadda ake yin masa. A bayanin da ta saba sa wa kowane bidiyo, layin farko gaisuwa ce, na biyu roƙon a bi tashar, sannan adireshi biyar na shafukanta. Ba a ambaci masa ba sai a take. Ga yadda bayanin zai kasance idan aka gyara shi:

```
Yadda ake yin masa mai laushi da farar shinkafa, daga jiƙo har tuya.
Jerin kayan haɗi yana ƙasa. Miyar taushe tana bidiyo na gaba.

00:00 Kayan haɗi
01:10 Jiƙo da markaɗe
03:40 Zuba yis da jiran ƙullu ya tashi
06:15 Tuya a tanda
```

Layin farko ya faɗi abin da ke cikin bidiyon da kalmomin da mai bincike zai rubuta. Layi na biyu ya ba da dalilin buɗe bayanin, ya kuma ɗauki kira ɗaya. Lokutan da aka jera suna raba bidiyon babi-babi, kuma YouTube yana da sharuɗɗa uku a kansu: na farko ya fara da `00:00`, su kai aƙalla uku a jere daga ƙarami zuwa babba, kowane babi kuma kada ya gaza daƙiƙa 10. Bayan babin sai jerin kayan haɗi da awonsu, sannan adireshin bidiyon miyar, sai a can ƙarshe shafukan sada zumunta.

Kafaffen sharhinta kuwa zai iya zama haka: "Abin da ya fi ba mutane wahala a masa shi ne tashin ƙullu. A garinku awa nawa yake ɗauka, kuma da zafi ne ko da hunturu? Ku rubuta, zan tattara amsoshin a bidiyon ranar Asabar." Tambayar ta fito daga cikin girkin, domin yis yana saurin aiki da zafi yana nawa da sanyi, saboda haka amsar mai kallo a Sakkwato cikin watan Afrilu za ta bambanta da ta mai kallo a Jos cikin Disamba. Kowa yana da abin faɗa, kuma an gaya masa abin da za a yi da amsarsa. Sharaɗi ɗaya ya rage, wato ranar Asabar ta cika alkawarin, ta ambaci abin da aka rubuto.

Aikin bai ƙare da kafewa ba. A awannin farko bayan ɗorawa, lokacin da masu bin tashar ke shigowa, ya kamata ta amsa sharhohin da suka zo da tambaya, ta sa zuciya ga waɗanda suka kawo wani ƙarin bayani. Wanda aka amsa wa ko aka sa wa zuciya yakan samu sanarwa, kuma sanarwar tana dawo da shi. Amsa iri ɗaya da aka kwafa aka liƙa wa mutum talatin ba ta yin wannan aiki, kuma tana kama da aikin na'ura.

Bayan kwana biyu, a ce masu kallo uku sun nuna cewa a minti na 3 ta ce babban cokali ɗaya na yis, alhali abin da ta zuba ƙaramin cokali ne. YouTube ba ya bari a musanya fayil ɗin bidiyo a riƙe adadin kallo da sharhohinsa, don haka kafaffen sharhi shi ne wurin gyara mafi kusa. Sai ta sauke tambayar, ta kafe gyaran a sarari da lokacinsa, `03:40`, wanda zai zama abin latsawa, ta kuma gyara awon a cikin bayani. Idan ta gyara rubutun sharhin da ke kafe, ta sake dubawa, domin gyara yakan sa ya sauka sai an sake kafe shi. Idan kuwa wata mai kallo ce ta rubuta bayani mai kyau a kan yadda ake hana masa kamawa a tanda, kafe nata sharhin ya fi kowane roƙo tasiri, domin yana nuna wa sauran irin maganar da ake daraja a tashar.

Inda kira ke komawa takura

YouTube yana da ƙa'idoji a rubuce a kan abin da yake kira `spam`, kuma abubuwa huɗu daga cikinsu sun shafi wannan batu kai tsaye. Na farko shi ne maimaita sharhi iri ɗaya a wurare da yawa, musamman zuwa ƙarƙashin bidiyon wasu a rubuta "ku zo ku kalli tashata". Na biyu shi ne musayar mabiya, wato "ka bi ni in bi ka", da sayar da kallo ko mabiya. Na uku shi ne bayani ko take na yaudara, kamar a ce cikakken fim yana ciki alhali talla ce, ko a cika bayani da sunayen jaruman Kannywood da ba su da alaƙa da bidiyon domin a fito a bincike. Na huɗu shi ne adireshin da ke kai mutum wani wuri dabam da wanda aka faɗa, ko alkawarin kuɗi cikin sauri domin a janye shi daga dandalin. Kalmomi masu alamar `#` ma suna da iyaka: idan suka wuce 60 a bidiyo ɗaya, YouTube yana watsi da su duka. Biyu ko uku da suka dace sun isa.

Hukuncin yana tafiya mataki-mataki. Karon farko yawanci gargaɗi ne. Laifi na gaba yana hana ɗora bidiyo na mako ɗaya, na biyu mako biyu, laifi uku cikin kwana 90 kuwa yana kai ga rufe tasha. Zamba ƙarara tana iya sa a rufe tasha nan take.

Akwai kuma salon da ya yaɗu a shafukan Hausa na Facebook: "Duk mai son mahaifiyarsa ya rubuta amin", ko "Kada ka wuce ba ka tura wa mutum goma ba". Irin wannan yana tara sharhi da yawa, amma ta hanyar ɗora wa mutum nauyin kunya ko na addini a kan abin da bai shafi rubutun ba. Tun watan Disamba na 2017 Facebook ya sanar cewa zai riƙa rage yaɗuwar rubuce-rubucen da ke farautar sharhi da turawa ta wannan hanya. Ko inda na'ura ba ta kama ba, amfanin kaɗan ne, domin layi ɗari na "amin" ba ya gaya wa mai tasha komai game da masu kallonsa.

Rabon kyauta yana da nasa hatsarin. YouTube ya yarda da gasa, amma da sharaɗin a rubuta dokokinta a fili, a bayyana cewa ba YouTube ne ya ɗauki nauyi ba, kuma kada a yi amfani da ita wajen kumbura alƙaluman kallo ko na mabiya. Mutanen da katin waya ya kawo sukan bi tashar su daina kallo, sai adadin mabiya ya hau, kason masu kallo a cikinsu ya faɗi. Idan kuma wani kamfani ne ya biya kuɗi a ambaci kayansa, dole a latsa akwatin tallan da aka biya lokacin ɗorawa, wanda ke sa rubutun `Includes paid promotion` ya bayyana. Adireshin da mai tasha ke samun kamasho daga gare shi ya kamata a faɗi hakan a gefensa da Hausa mai sauƙi.

Kare sashen sharhi daga 'yan damfara

Kafaffen sharhi yana jawo ido, saboda haka yana jawo 'yan damfara. Salonsu sananne ne: su buɗe asusu da hoton tashar da suna mai kama da nata, su riƙa amsa wa masu sharhi cewa sun ci kyauta, su tuntuɓi wata lamba a WhatsApp ko Telegram. Tashar da ta saba rabon kyauta da sanya lambobi a sharhi ta fi sauƙin kwaikwayo, domin saƙon ɓarawon bai bambanta da nata ba. Ana gane mai tasha na gaskiya da cewa sunansa yana fitowa cikin wata alama mai launi dabam a sharhohin bidiyonsa, kuma sunan da ya fara da `@` ba ya zama na mutum biyu.

A cikin YouTube Studio, a sashen saitunan sharhi, akwai `Blocked words`, inda ake jera kalmomin da za su sa a tsare sharhi har sai an duba shi, da kuma zaɓin tsare duk sharhin da ke ɗauke da adireshi. Mai tashar Hausa ya rubuta kowace kalma ta fuska biyu, mai lanƙwasa da marar lanƙwasa, kamar "kuɗi" da "kudi", domin yawancin masu rubutu a waya ba sa sa lanƙwasa. Ya kuma riƙa leƙa sharhohin da aka tsare, domin tacewar takan kama na mutanen kirki. Layi ɗaya a bayani cewa tashar ba ta neman kuɗi ko lambar sirri daga kowa yana rage ɓarna.

Yadda ake gane ko kiran ya yi aiki

Yawan sharhi shi kaɗai ba ma'auni ba ne, domin bidiyon da aka fi kallo dole ya fi tara sharhi. Abin da ake kwatantawa shi ne sharhi nawa aka samu a kowane kallo 1,000. A ce bidiyon masa ya samu kallo 4,000 da sharhi 48, wato 12 a kowane dubu. Bidiyon da ya gabace shi, mai tsohon salo, ya samu kallo 6,000 da sharhi 30, wato 5 a kowane dubu. Na farkon ya fi, ko da yake kallonsa bai kai ba. Bidiyo ɗaya dai ba ya isa hujja, domin wani girkin ya fi wani jawo magana. Sai an gwada salon a bidiyo da dama masu kama da juna, ana canza abu ɗaya kawai a kowane karo. Bayan lissafi kuma a karanta sharhohin, a ga nawa ne suka amsa tambayar da aka yi.

YouTube Studio yana nuna mabiyan da kowane bidiyo ya kawo, amma ba ya nuna sau nawa aka latsa adireshin waje da ke cikin bayani. Mai sayar da kaya zai iya cike wannan giɓi da adireshin WhatsApp mai ɗauke da saƙo a shirye:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=Na%20ga%20bidiyon%20masa
```

Ana rubuta lambar da lambar ƙasa, 234 ga Najeriya ko 227 ga Nijar, ba tare da alamar `+` ko sifirin farko ba, `%20` kuma yana tsaya wa tazara. Duk wanda ya latsa, saƙon zai fito masa a rubuce, sai mai kaya ya san daga wane bidiyo ya zo. Lambar kasuwanci ake sawa a nan, domin duk abin da ke cikin bayani kowa na iya kwafa.

Alamomin cewa an wuce gona da iri su ma a bayyane suke. Kafaffen sharhi ya kwana biyu ba amsa alhali sauran sharhohi suna tafiya, ko masu kallo suna tambayar abin da aka riga aka rubuta a bayani, wanda ke nuna an binne shi ƙarƙashin roƙo, ko mabiya suna ƙaruwa kallo yana tsaye.

Inda dabarar ba ta aiki

A gajerun bidiyoyi na Shorts, tun 31 ga Agusta 2023 adireshin da aka sa a bayani ko a sharhi ba ya latsuwa. Mai son tura mutane zuwa dogon bidiyo sai ya yi amfani da zaɓin `Related video`. Bidiyon da aka yi wa alamar `Made for kids` kuwa ba shi da sashen sharhi sam, tsarin da ya fara aiki a watan Janairu na 2020, don haka tashar tatsuniyoyin yara ba ta da abin kafewa. Masu kallo a akwatin talabijin ma da wuya su rubuta komai.

Akwai kuma masu kallon da sauraro ya fi musu karatu sauƙi, kuma ba za su buɗe bayani don kansu ba. Saboda su ake faɗin kiran da baki sau ɗaya a cikin bidiyon, a daidai inda ya dace, kamar lokacin da ake nuna ƙullun da ya tashi a ce akwai tambaya a saman sharhi game da wannan. Abin da aka faɗa da baki, da abin da aka kafe, da layin farko na bayani su kasance suna nuni zuwa abu ɗaya. Idan bidiyo ya tsufa, a koma a sauke sanarwar da lokacinta ya wuce, kamar rangwamen sallar da ta gabata, a maye gurbinta da adireshin bidiyon da ya ci gaba da batun.